Likita a Birni, Majiyyaci a Ƙauye: Yadda Ake Duba Masu Larurar Ƙwaƙwalwa Daga Nesa

A shekarar 1959 likitocin Cibiyar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Nebraska, da ke birnin Omaha a ƙasar Amurka, suka fara amfani da wata irin talabijin mai kai hoto da magana ta ɓangarori biyu. Da farko koyar da ɗalibai suke yi da ita. Zuwa 1964 sai aka haɗa cibiyar da babban asibitin garin Norfolk, mai nisan kimanin kilomita 180, har ya zamana likita yana zaune a Omaha yana duba majiyyacin da ke Norfolk. Wannan shi ne mafarin abin da ake kira duba masu larurar ƙwaƙwalwa daga nesa.

Ba abin mamaki ba ne da wannan fanni na likitanci ya riga sauran karɓar sabuwar hanyar. Likitan fiɗa ba ya iya aiki sai da hannunsa, amma likitan ƙwaƙwalwa mafi yawan aikinsa saurare ne da lura. Yana jin yadda mutum ke tsara magana, yana kallon fuskarsa da zamansa da motsinsa, sa'an nan ya yi tambayoyi. Duk waɗannan hoto da murya suna iya ɗauke su su kai nesa. A ƙasa irin Nijeriya, inda ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Arewa suna wurare kaɗan kamar Kaduna da Kware da Maiduguri, hanyar tana rage wa mutane doguwar tafiya da kuɗin mota.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin Norfolk na 1964 da abin da ake yi yanzu. Majiyyacin Norfolk yana cikin asibiti ne, ga ma'aikatan jinya kusa da shi. Tun daga annobar korona ta 2020 kuwa, da yawa daga cikin majiyyata a gida suke ganin likita, da wayar hannu. Ginin asibiti yana yi wa likita ayyuka uku ba tare da ya roƙa ba. Mai ba da kati ya tabbatar da ko wane ne ya zo. Ma'aikatan jinya suna nan idan abu ya ɓaci. Ƙofar ɗakin likita kuma tana rufe sirri. Da zarar majiyyaci ya koma gida, waɗannan ayyuka uku sun faɗo kan likita, kuma dole ya yi su da baki, cikin mintoci biyar na farkon ganawa.

Wane ne ke magana?

Aikin farko shi ne tabbatar da mutum. Ƙa'idar da asibitoci ke bi ita ce a nemi aƙalla shaida biyu, kamar cikakken suna da ranar haihuwa, ko lambar katin asibiti. A ganawar farko akan buƙaci majiyyaci ya ɗaga katin shaidarsa mai hoto kusa da fuskarsa. Likita ba ya karanta sunan ya ce, "Kai ne wane?" domin mutumin da hankalinsa ya rikice, ko wanda bai ji da kyau ba, yana iya amsa "I" ga kowace tambaya. Abin da yake yi shi ne ya ce, "Malam, faɗa mini cikakken sunanka da lambar katinka," sa'an nan ya gwada amsar da abin da ke cikin fayil.

A ƙasar Hausa wannan taka-tsantsan yana da dalili na musamman. Sunaye suna yawan maimaituwa, har akan sami mutum uku ko huɗu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a rajistar asibiti guda. Mutane da yawa ba su san ainihin ranar haihuwarsu ba, an dai rubuta musu 1 ga Janairu. Bugu da ƙari, waya ɗaya takan yi wa gida guda hidima, don haka lambar waya ba shaida ba ce. Idan aka buɗe fayil ɗin wani, za a ɗora wa mutum tarihin ciwon da ba nasa ba da maganin da ba nasa ba. Akwai kuma masu shigowa da sunan ɗan'uwansu domin a rubuta musu magungunan barci ko na kwantar da hankali, waɗanda jiki ke sabawa da su har ya kasa bari.

Shi ma likita sai ya nuna kansa. Ƙa'idojin duba majiyyaci daga nesa da ƙasar Indiya ta fitar a watan Maris na 2020 sun wajabta wa likita ya bayyana sunansa da iliminsa, ya kuma sanya lambar rajistarsa a kan takardar magani. Sun kuma hana rubuta wasu magunguna masu sa maye ta wannan hanya. Hikimar a fili take, domin kowa yana iya sanya farar riga ya zauna gaban kyamara.

Ina kake a yanzu?

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa, alhali ita ce mai ceton rai. Adireshin da ke cikin fayil yana nuna inda mutum yake zaune ne lokacin da aka yi masa rajista. Likita yana bukatar sanin inda yake a wannan sa'a, domin watakila yana gidan surukai, ko ɗakin kwanan ɗalibai, ko cikin mota a bakin hanya. Saboda haka ana maimaita tambayar a kowace ganawa, ko da ta ashirin ce. Inda babu lambar gida, akan rubuta kwatance: sunan unguwa, masallaci ko makarantar da ke kusa, da sunan da aka san gidan da shi.

Dalilin shi ne, lambar neman agajin gaggawa, irin 112 a Nijeriya ko 911 a Amurka, takan haɗa mai kira ne da cibiyar da ke yankinsa. Likitan da ya buga daga ofishinsa ma'aikatan yankinsa zai samu, ba na garin majiyyaci ba. Don haka tun kafin a fara magani ake rubuta abin da ake kira tsarin gaggawa, wanda ba ya wuce shafi ɗaya. A cikinsa akwai asibiti mafi kusa da majiyyaci wanda ke aiki dare da rana, da lambar wani ma'aikacinsa, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a isa. Akwai sunan mutum ɗaya amintacce wanda majiyyaci da kansa ya zaɓa, wanda zai iya isowa cikin 'yan mintoci, tare da izinin majiyyaci cewa a kira shi idan rai yana cikin hatsari. Akwai kuma abin hawan da za a yi amfani da shi, domin a ƙauyuka da yawa motar asibiti ba ta zuwa.

Abu na ƙarshe a tsarin shi ne yarjejeniya kan yankewar layi. Alal misali, a shirya cewa idan hoto ya ɗauke, likita ne zai sake kira, majiyyaci ya ajiye wayarsa kada su yi ta karo a layi. Idan sau biyu bidiyo bai shiga ba, a koma kiran murya. Idan kuma aka yi minti biyar ba a same shi ba, alhali an bar magana a wuri mai hatsari, likita zai kira mutumin nan amintacce. Amfanin shirya wannan tun da wuri shi ne, idan layi ya mutu likita ba ya iya sanin ko caji ne ya ƙare ko majiyyaci ne ya kashe wayar da gangan.

Idan majiyyaci ya nuna yana tunanin halaka kansa, likita yana tambayarsa kai tsaye, cikin natsuwa, domin bincike ya nuna cewa tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. Sa'an nan ba ya kashe wayar. Yana ci gaba da magana da shi, yana amfani da wata wayar wajen kiran mataimaki, ya kuma nemi a nisanta shi daga duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, har sai an danƙa shi hannun wani ma'aikacin lafiya.

Wa ke cikin ɗakin?

Kyamarar waya tana nuna ɗan yanki ne kawai na ɗaki. Mutum yana iya tsayawa bayan wayar ba a gan shi ba. Saboda haka likita yakan tambaya ko akwai wani a ɗakin, ko wanda zai iya jiyowa, shi ma kuma ya faɗi ko akwai ɗalibi ko ma'aikaci a nasa ofishin. Wannan yana da nauyi ƙwarai a gidan yawa, inda labule ne kaɗai tsakanin ɗaki da tsakar gida. Matar da ke fama da baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa ba za ta faɗi abin da ke ranta ba idan uwar mijinta tana zaune a bakin ƙofa.

Akwai dabarun da ake bi. Abin saurare na kunne yana hana a ji muryar likita, sai shi kuma ya tsara tambayoyin da amsarsu "I" ce ko "A'a". Akan kuma shirya wata kalma ta yau da kullum, wadda idan majiyyaciya ta faɗe ta, likita zai gane wani ya shigo, sai ya juya magana zuwa barci ko cin abinci. Alamomin da ke nuna akwai mai saurare sun haɗa da yawan kallon gefe guda kafin amsa, da gajarta magana farat ɗaya, da sauke murya. Wannan ba yana nufin a kori dangi ba ne, domin sau da yawa su ne ke ba da labarin da majiyyaci ba zai iya bayarwa ba. Abin da ake so shi ne a san suna nan, da yardar mai ciwon, kuma a ware masa wani ɓangare na lokacin shi kaɗai.

Sirri yana da fuska ta biyu, watau ta na'ura. Manhajar da ta dace ita ce mai kulle magana da hoto tun daga wayar mai aikawa, ta yadda ba mai iya buɗewa sai wayar mai karɓa. Amma wannan kulli yana kare saƙo ne a kan hanya kawai. Ba ya hana ƙane ɗaukar wayar da daddare ya karanta abin da aka rubuta, ba ya kuma kare bayanan da asibiti ya adana. A shekarar 2020 aka gano cewa an sace bayanan majiyyata kimanin 33,000 daga rumbun kamfanin Vastaamo, mai cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar Finland. Ɓarawon ya riƙa aika wa majiyyata saƙo ɗaya bayan ɗaya, yana neman kuɗi ko ya tona abin da suka faɗa wa masu duba su. Kamfanin ya durƙushe a 2021, kuma a 2024 kotu ta yanke wa wanda ya aikata hukuncin ɗaurin fiye da shekara shida. Darasin da aka ɗauka shi ne kada a naɗi ganawa sai da dalili da izini, domin abin da ba a adana ba, ba a iya sace shi. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, haka kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majiyyaci na a riƙe masa sirri.

Abin da waya ba ta iya kawowa

Likita daga nesa ba ya jin warin giya, ba ya taɓa goshi ya ji zazzaɓi, ba ya lanƙwasa hannun majiyyaci ya ji ko magani ya sandarar da tsoka. Har abin da yake gani ma yana iya yaudararsa. Jinkirin amsa tambaya yana cikin alamomin baƙin ciki mai tsanani, amma layi mai rauni shi ma yana jinkirta murya. Gwajin mai sauƙi ne: a ce majiyyaci ya tafa hannu da zarar ya ji an ce "yanzu", sai a ga jinkirin da ke na layi.

Haka nan bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri. Ƙaramar rawar hannu da wasu magunguna ke jawowa tana kai da komowa kamar sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. A ƙa'idar kimiyyar lissafi, kafin a kama motsi mai maimaituwa daidai, sai an ɗauki hotuna fiye da ninki biyu na saurinsa, watau fiye da 24 a daƙiƙa ga rawa mai sau 12. Idan layi ya yi rauni har hotuna suka sauka zuwa 10 a daƙiƙa, rawar tana iya ɓacewa ko ta bayyana ba yadda take ba. Shi ya sa likita yakan ce majiyyaci ya zana layi mai naɗewa kamar gammo a takarda ya nuna, domin rawar hannu takan bar sawunta a zanen.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka ga wani malamin firamare mai shekara 34, da ke fama da ciwon da ke sa mutum ya yi ta hawa da sauka tsakanin zumuɗi mai yawa da baƙin ciki. An ɗora shi kan maganin litiyam a wani asibitin koyarwa, ya sami sauƙi, daga baya aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisan kilomita 200. Ana ganinsa ta bidiyo kowane wata, yana zuwa gwajin jini lokaci lokaci. Ganawar ta faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara.

Likita ta fara da neman suna da lambar kati, suka yi daidai da fayil. Ta tambayi inda yake, ya ce ba ya gidan malamai, ya kwana uku a gidan yayansa a wani ƙauye na kusa saboda gudawa ta kayar da shi. Nan take ta gyara adireshin, ta nemi kwatance, ta kuma lura cewa asibitin da ke cikin tsarin gaggawa har yanzu shi ne mafi kusa, tafiyar minti 40. Ya ce shi kaɗai ne a ɗakin, yayansa yana waje, kuma shi ne dama mutumin da ya zaɓa tun farko.

Tun a waɗannan amsoshi ta ji harshensa yana nauyi kamar na mai maye. Ta gwada jinkirin layi, ta ga ba shi ba ne. Ta ce, "Malam, jingine wayar, ka miƙa hannuwanka biyu gaba." Hannuwan suna rawa mai girma wadda ko layi mai rauni bai ɓoye ba. Ta ce ya taka zuwa ƙofa ya dawo, sai ga shi yana tangaɗi yana dafa bango. Da ta tambayi abin da ya sha, ya ce, "Likita, ban fasa maganina ba ko sau ɗaya. Na dai ƙara da na ciwon jiki da aka sayo mini a kemis." Ta ce ya nuna kwalin, sai ga diklofenak.

A nan ilimin halittar jiki ya bayyana abin da ke faruwa. Ƙoda ce ke fitar da litiyam daga jiki. Tana tace shi daga jini, sa'an nan ta mayar da kimanin kashi uku cikin huɗu ta hanyar da take mayar da gishirin sodiyam, domin su biyun sun yi kama a wurinta. Idan gudawa da gumi suka rage wa jiki ruwa da gishiri, ƙoda takan ƙara himma wajen riƙe sodiyam, sai ta riƙe litiyam tare da shi. Diklofenak da danginsa irin su ibufurofen suna rage jinin da ke ratsa ƙoda, fitar litiyam ta ƙara raguwa. Tazarar da ke tsakanin magani da guba a litiyam kuwa ƙanƙanuwa ce. Ana son ya tsaya tsakanin milimol 0.6 da 1.2 a kowace litar jini, idan aka auna awa 12 bayan shan na ƙarshe, kuma daga 1.5 zuwa sama alamomin guba sukan fara fitowa. Saboda haka mutum yana iya shan adadin da aka rubuta masa daidai, amma maganin ya taru a jininsa har ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Likita ta ce kada ya ƙara shan litiyam ko diklofenak, kuma dole a kai shi asibiti a ranar. Tana cikin bayani sai hoto ya tsaya. Ta kira sau biyu ta bidiyo, ta kira da murya, wayar a kashe. Da yake mutum ne mai tangaɗi wanda hankalinsa ke iya gushewa, ba ta jira cikar minti biyar ba, ta buga wa yayan. Ta ce, "Alhaji, ni ce likitar ƙanenka. Maganin da yake sha ya taru a jininsa saboda gudawar nan. A kai shi babban asibiti yanzu, a mota, kada ya hau babur, a tafi da dukan kwalayen magungunansa." Ba ta faɗi sunan ciwonsa ba, ba ta kuma ambaci komai daga hirarrakinsu na baya ba. Ƙa'idar ita ce, ko lokacin da ceton rai ya halatta buɗe sirri, a buɗe gwargwadon bukata kawai.

Daga nan ta kira ma'aikacin asibitin da lambarsa ke cikin tsarin, ta gaya masa adadin maganin da lokacin shan na ƙarshe, ta nemi a sa masa ruwan gishiri ta jijiya, a gwada aikin ƙoda, a aika jini inda ake auna litiyam. Ta kuma yi gargaɗin cewa idan ya fara farfaɗiya ko ya suma, ko ƙodar ta gaza, a wuce da shi asibitin da ke da na'urar wankin ƙoda. Bayan awa guda ta sake kira ta tabbatar sun isa, sa'an nan ta rubuta duk abin da ya faru da lokutansa a cikin fayil.

Mai karatu zai lura cewa ba a yi wa wannan malami magani ta waya ba. Abin da waya ta yi shi ne gano hatsarin da wuri da kuma tura shi inda hannu zai kai gare shi. Da likita ta dogara da tsohon adireshi, ko ba ta da lambar yayan, da ta gane ciwon sarai amma ta rasa yadda za ta yi. Wannan kuma yana nuna iyakar hanyar. Wanda hankalinsa ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi, da wanda ke neman cutar da kansa ko wasu, da wanda ba shi da wurin da zai yi magana cikin sirri, duk ganin ido da ido ya fi dacewa da su.

Ga malaman makarantun kwana da ka iya samun ɗalibin da ake dubawa ta wannan hanya, abin da ake bukata daga gare su bai da yawa: ɗaki mai ƙofa, waya mai caji, izinin iyaye ko mai riƙo idan ɗalibin bai kai shekarun girma ba, da babban mutum ɗaya da zai zauna kusa, inda za a iya kiransa amma ba inda zai jiyo ba. Kafin ranar ganawa kuma, a tabbatar likita yana da sunan wannan mutum da lambarsa, da sunan asibitin da ya fi kusa da makarantar.